Hannun jarin halal: Shiga jeri ba ya nufin a saya a kwanta barci

A Wurma da sauran ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma, ajiyar da aka gada ita ce saniya, da buhunan hatsi, da fili. Satar shanu ta lalata ta farkon. Tun kafin harin da aka kai Wurma a watan Agustan 2019, wanda aka yi awon gaba da mutane da dabbobi, masu garke a yankin suka fara tambayar ina za su kai dukiyarsu. Ajiye tsabar kuɗi kuma asara ce a hankali, domin a watan Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin 100.

Don haka ba abin mamaki ba ne malamin makaranta, ko ma'aikacin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko ɗan kasuwar hatsi, ya fara duba hannun jari a wayarsa. Tambayarsa ta farko kusan kullum ɗaya ce: wanne ne halal? Amsar da aka saba ba shi ita ce jerin sunayen kamfanoni, tare da shawarar ya saya ya riƙe na shekaru.

Ra'ayinmu shi ne wannan shawara rabinta daidai ce. Riƙe hannun jari na tsawon lokaci ya fi saye da sayarwa kowane mako. Amma jerin halal ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kamfanin da ya shiga bana yana iya fita baɗi ba tare da ya sauya sana'a ba, kuma sau da yawa yakan fita ne a daidai lokacin da farashinsa ya faɗi. Wanda bai san dalilin haka ba zai tsinci kansa tsakanin sayarwa da asara da kuma riƙe abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba.

Rariya biyu ake amfani da su

Rariya ta farko tana duba sana'ar kamfani, kuma ita ce mai sauƙi. Bankunan da ke mu'amala da kuɗin ruwa, kamfanonin inshora na yau da kullum, masu yin giya irin su Nigerian Breweries da Guinness Nigeria, masu caca da taba da naman alade, duk a nan suke zubewa. A kasuwar hannun jarin Najeriya, wadda ke da kamfanoni kusan 150, wannan rariya kaɗai tana kwashe babban ɓangare, domin bankuna ne suka fi yawan ciniki a kullum. A ɓangaren bankuna, sunan da ake gani a jerin halal shi ne Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012 kuma aka sa shi a kasuwar a 2017.

Rariya ta biyu ita ce mai wahala. Kamfanin siminti ko na manja sana'arsa halal ce, amma yana cin bashin banki da kuɗin ruwa, yana kuma ajiye rarar kuɗinsa inda ake biyan sa kuɗin ruwa. Me za a yi da irin wannan?

Ya kamata mai karatu ya sani cewa malamai ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce asali haramun ne shiga kamfanin da wani lokaci yake mu'amala da haram kamar kuɗin ruwa, ko da ainihin sana'arsa halal ce. Wasu malaman kuma suka yi rangwame saboda buƙatar jama'a, bisa sharaɗin haram ɗin ya zama kaɗan, kuma a fitar da shi daga abin da aka samu. A kan wannan rangwame aka gina duk jerin da ake yawo da su a yau. Wanda ya zaɓi ra'ayi na farko bai yi tsauri ba, sai dai abin da zai saura masa a kasuwar ɗan kaɗan ne, kuma zai fi samun natsuwa a sukuk, wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017.

Ma'aunin da aka fi ambata shi ne na hukumar AAOIFI da ke Bahrain. Ya ce bashin da ake biya wa kuɗin ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfanin a kasuwa. Kuɗin da kamfanin ya ajiye yana karɓar kuɗin ruwa a kai, shi ma kada ya wuce kashi 30. Kuɗin shiga na haram kuma kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na dukkan kuɗin shigarsa. Darajar kamfani a kasuwa ba wani abu ba ne illa farashin hannun jari ɗaya sau adadin hannayen jarin duka.

A gida, jerin da aka fi dogaro da shi shi ne NGX Lotus Islamic Index, wanda kasuwar hannun jari ta Legas da kamfanin Lotus Capital suka ƙaddamar a 2012. Yana ɗauke da kamfanoni kimanin 15, ana kuma sake tace shi sau biyu a shekara. Sunaye irin su Dangote Cement, Lafarge Africa, Okomu, Nestle, MTN Nigeria da Jaiz sun bayyana a cikinsa a lokuta daban-daban. Mai saye ya duba jerin na yanzu, kada ya dogara da hoton da aka turo masa a waya wanda ba shi da kwanan wata.

Yadda kamfani ke faɗuwa ba tare da ya ci sabon bashi ba

Bari mu ɗauki kamfanin misali, lambobinsa namu ne domin sauƙin lissafi. Yana da hannayen jari biliyan 2, kowanne naira 50. Darajarsa a kasuwa ke nan naira biliyan 100. Ana bin sa bashi mai kuɗin ruwa na biliyan 24, ya ajiye biliyan 8 a banki, kuɗin shigarsa na shekara biliyan 60 ne, biliyan 1.2 daga ciki kuɗin ruwa ne da banki ya biya shi.

Bashi ya kama kashi 24, ajiya kashi 8, kuɗin shiga na haram kashi 2. Ya tsallake duka ukun. Wani malami a Kurfi ya tara naira 200,000, ya sayi hannayen jari 4,000, da niyyar ba zai taɓa su ba sai 'ya'yansa sun isa shiga jami'a.

Bayan shekara ɗaya kasuwa ta yi sanyi, farashin ya sauko zuwa naira 35. Darajar kamfanin ta koma biliyan 70. Bashin yana nan biliyan 24, ba a ƙara ko kwabo ba, amma yanzu ya zama kashi 34 da ɗoriya. Ya fita daga halal bisa ma'aunin. Masana'antar tana aiki kamar jiya, ma'aikatan su ne dai, kayan da take sayarwa su ne dai. Abin da ya sauya kawai shi ne abin da mutane ke son biya. Idan malamin ya sayar a ranar, zai karɓi naira 140,000 kafin a cire kamasho, ya yi asarar 60,000.

Abin da ya fi damun mu shi ne ɗaya gefen. Idan farashi ya yi tashin gwauron zabi saboda raɗe-raɗi, kamfanin da bashi ya yi wa katutu yana iya tsallake rariyar, domin an raba bashin da babbar lamba. Wato ma'aunin yana buɗe ƙofa a lokacin tsada, yana rufe ta a lokacin araha. Wannan kishiyar abin da mai riƙon dogon zango yake buƙata ne.

Masu tsara jerin ƙasa da ƙasa sun san da wannan matsala. Dow Jones, wanda ya fara nasa jerin a 1999, yana raba bashin da matsakaicin darajar kamfani na wata 24 maimakon farashin rana ɗaya, iyakarsa kuma kashi 33. Wasu, kamar Hukumar Hannun Jari ta Malesiya, suna raba bashin da jimillar kadarorin kamfani, waɗanda ba sa rawa da farashin kasuwa. Idan kamfanin misalinmu yana da kadarorin biliyan 120, bashinsa kashi 20 ne ko farashi ya hau ko ya sauka. Shi ya sa za ka ga manhaja ɗaya ta ce kamfani halal ne, wata ta ce ba halal ba ne, a rana guda. Babu wadda ta yi ƙarya, sikelinsu ne ya bambanta.

Darasin 2023

Akwai hanya ta biyu da bashi ke kumbura da kansa, kuma 'yan Najeriya sun gan ta da idonsu. A farkon watan Yunin 2023 ana canza dala a hukumance a kan kusan naira 460. A ƙarshen shekarar ta kusa 900, a watan Fabrairun 2024 kuma ta haura 1,500.

A ce rabin bashin kamfanin misalinmu, wato biliyan 12, da dala aka ci shi. A farashin 460, dala miliyan 26 ke nan. A farashin 1,500, wannan bashin ya zama naira biliyan 39. A haɗa da sauran biliyan 12 na naira, jimilla biliyan 51. Ko da farashin hannun jarin bai motsa daga naira 50 ba, bashin ya zama kashi 51.

Wannan ba labarin ƙanzon kurege ba ne. MTN Nigeria ya bayyana asarar kusan naira biliyan 137 a 2023 da kusan biliyan 400 a 2024, galibi saboda faɗuwar naira, kuma bai raba wa masu hannun jari ribar ƙarshen shekarar 2023 ba, bai kuma raba komai a kan 2024 ba. Nestle Nigeria ma ya yi asara a shekarun biyu saboda bashin da ke kansa na kuɗin waje. Duka biyun kamfanoni ne masu ƙarfi, kayansu na cikin kowane gida, kuma sana'arsu ba ta da aibu a shari'a. Amma wanda ya saye su domin ya riƙa karɓar rabon riba duk shekara ya zauna hannu rabbana na wani lokaci.

Saboda haka, kafin ka sayi kamfani, kada ka tsaya a kan cewa ya tsallake kashi 30. Duba nisan da ke tsakaninsa da iyakar. Wanda bashinsa yake kashi 8 yana iya jure faɗuwar farashi da rabi ya kasance a cikin jeri. Wanda yake kashi 27 iska kaɗan za ta fitar da shi. Sannan ka duba da wane kuɗi aka ci bashin. Rahotannin kamfanoni suna kan shafin NGX kyauta, ana fitar da su duk wata uku. Layin da za ka nema shi ne Borrowings, wanda ke bayyana sau biyu, na ɗan gajeren lokaci da na dogon lokaci, sai ka haɗa su. Kuɗin ruwan da kamfani ya karɓa kuma yana ƙarƙashin Finance income. Bayanin da ke ƙasan rahoton shekara yakan nuna nawa ne na dala.

Idan ya fita daga jeri fa?

A nan ne muke ganin ya kamata mutum ya yanke shawara tun ranar saye, ya rubuta ta, ya nuna wa malamin da ya amince da shi. Wanda ya bari sai ranar da farashi ya faɗi, tsoro ko kwaɗayi ne zai yi masa fatawa.

Akwai misalai na yadda aka warware wannan a wasu wurare. Kwamitocin shari'a na asusun zuba jari da dama suna ba da wa'adin kimanin wata uku a sayar a hankali. Malesiya ta yi wani tsari dabam. Idan aka cire kamfani daga jeri alhali farashinsa ya kai ko ya wuce abin da ka saya, sai ka sayar. Idan kuma yana ƙasa, an yarda ka riƙe har sai farashin tare da rabon ribar da ka karɓa sun mayar maka da uwar kuɗinka. Da wannan ƙa'ida, malaminmu na Kurfi ba dole ne ya sayar a naira 35 ba.

A ganinmu dole a bambanta dalilan fita. Kamfanin da ya fita saboda kasuwa ta faɗi baki ɗaya, alhali bashinsa bai ƙaru ba, ya cancanci a jira tacewa ta gaba. Kamfanin da shugabanninsa suka ɗauko sabon bashi mai yawa da gangan, ko suka sayi wata sana'a ta haram, wannan zaɓi ne suka yi, kuma jira ba zai gyara shi ba. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne mutum ya riƙa tsalle daga ma'auni zuwa ma'auni yana neman wanda zai halatta masa abin da ya riga ya saya. Ka zaɓi sikeli ɗaya, ka auna komai da shi.

Yawan sauyi ma yana da tsada. Kamashon dillali, da kuɗin hukumar SEC, da na kasuwa, da na CSCS mai ajiyar rajistar hannun jari, idan aka haɗa na saye da na sayarwa sukan haura kashi 3 cikin 100 a wurin dillalin da ke cajin cikakken farashi. Wanda ke sauya kamfanoni duk wata shida zai iya miƙa wa dillali abin da ya kai rabon ribar shekara.

Tsarkakewa: lissafi biyu, amsa biyu

Rangwamen da malamai suka yi yana tafiya da sharaɗi, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Kashi 2 ɗin nan na kuɗin ruwa bai zama halal ba don yana da ƙanƙanta. Dole ka fitar da rabonka daga ciki ka bayar ga ayyukan jin ƙai, ba da niyyar neman ladan sadaka ba, kuma ba a lissafa shi a matsayin zakka.

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce a cire kashin daga rabon riba. Idan kamfanin ya raba naira 3 kan kowane hannun jari, malamin yana da naira 12,000, za a cire harajin kashi 10 tun daga tushe, ya karɓi 10,800. Kashi 2 na 12,000 shi ne naira 240.

AAOIFI ba haka take lissafi ba. Tana raba dukkan kuɗin haram da adadin hannayen jari. Biliyan 1.2 a raba da biliyan 2, kwabo 60 ke nan kan kowane hannun jari. Sau 4,000, naira 2,400. Ninki goma na lissafin farko. Kuma a wannan hanya ana fitarwa ko an raba riba ko ba a raba ba, domin kuɗin ruwan ya riga ya shiga dukiyar kamfanin da kake da kaso a ciki. Mun fi karkata ga wannan lissafi na biyu, domin na farkon yana barin mutum ya yi shekaru bai fitar da komai ba idan kamfanin ba ya raba riba, alhali darajar abin da ya mallaka tana ƙaruwa da kuɗin.

Jeri gajere, haɗari a dunƙule

Bayan an tace, abin da ke saura a Najeriya siminti ne, da sadarwa, da abinci, da manja, da kaɗan daga ɓangaren mai. Wanda ya sayi Dangote Cement da BUA Cement da Lafarge yana ganin kamfanoni uku ya saya, amma farashin gas ɗaya, da kasuwar gini ɗaya, da manufar gwamnati ɗaya ce ke juya su duka. Gara kamfanoni biyar daga sana'o'i huɗu da takwas daga sana'a biyu. Mai ƙaramin jari da ba zai iya bin rahotanni ba yana da zaɓin Lotus Halal Equity ETF, wanda aka sa a kasuwa a 2014, yana bin jerin gaba ɗaya kuma ana sayen sa ta hannun dillali kamar kowane hannun jari. Sai dai cinikinsa a kullum ba shi da yawa, don haka a duba tazarar da ke tsakanin farashin masu saye da na masu sayarwa kafin a danna.

Kuma "dogon lokaci" yana iya yin tsawo fiye da yadda ake zato. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar Najeriya ya haura maki 66,000, cikin shekara guda ya rufto zuwa kusan 20,000, kuma bai sake taka wancan matsayi ba sai a watan Agustan 2023. Shekara 15 ke nan. Yawancin waɗanda suka fi shan wahala a lokacin su ne waɗanda suka ci bashin banki suka sayi hannun jari, abin da ƙa'idar shari'a ta hana tun farko. Kuɗin takin damina mai zuwa, ko na makarantar zangon gaba, ba nan ne wurinsu ba.

Kalmar halal ma ba ta maye gurbin rajista. Bayan rushewar CBEX a watan Afrilun 2025, bai kamata a sake yi wa kowa bayanin me alƙawarin ninka kuɗi cikin wata ɗaya yake nufi ba. Dillali na gaskiya yana cikin rajistar SEC, zai buɗe maka asusun CSCS da sunanka, kuma rabon ribarka zai shigo asusun bankinka kai tsaye idan ka cike takardar hakan. Ka sanar da iyalinka sunan dillalin da lambar asusun, domin dukiyar da ɓarawon shanu ba zai iya kora ba ita ce kuma wadda magada ba za su gani a garke ba.

Akwai aikin da ya rage wa hukumomi. Kasuwar NGX da Lotus Capital su riƙa wallafa, duk lokacin da suka sake tace jerin, dalilin cire kowane kamfani da kuma kwabon da za a fitar na tsarkakewa kan kowane hannun jari, cikin Hausa da Turanci. Lambobin suna cikin rahotannin da kamfanoni ke miƙa wa kasuwar, kuma shafi ɗaya ya ishe su. Sashen nazarin addinin Musulunci da na akanta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita su ma za su iya haɗa hannu su riƙa fitar da wannan lissafi sau biyu a shekara, ga kamfanoni 15 kacal.